Tarihin Bashi: Yadda Ake Gina Shi da Yadda Makarar Biya Ke Bin Mai Ita

Gabatarwa

Hausawa kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ya bambanta masu cin bashi shi ne yadda suke biya, kuma a kan wannan bambanci ne mai bayarwa yake yanke shawarar wa zai ba, wa zai hana. Mai kanti a unguwa yana da ɗan littafin da yake rubuta sunayen waɗanda suka ɗauki kaya. Uwar adashi ta san wadda take zubi a kan lokaci da wadda sai an aika mata sau uku. A nan shaidar mutum tana cikin kan maƙwabtansa, idan ya bar garin ya bar ta a baya.

Bashin banki ya sha bamban da wannan. Shaidar tana rubuce a na'ura, tana ɗaure da lambar mutum, kuma duk bankin da ya shiga a ƙasar nan zai iya karanta ta. Wannan rubutacciyar shaida ita ake kira tarihin bashi. Maƙalar nan za ta duba inda ake ajiye tarihin, da abin da ake rubutawa a cikinsa, sannan ta bi misalin rance guda ɗaya wata bayan wata, domin a ga yadda makarar wata biyu take iya zama tabon shekaru.

Inda Ake Ajiye Tarihin

Tun a 1991 dokar Babban Bankin Nijeriya ta ba shi ikon tattara bayanan masu cin bashi daga bankuna. Dalili kuwa shi ne, a wancan zamani mutum kan ci bashi a banki ɗaya ya ƙi biya, ya tsallaka titi ya ci a wani, domin bankunan ba su san abin da ke cikin littattafan juna ba. A 2008 Babban Bankin ya fitar da ƙa'idojin kafa kamfanoni masu zaman kansu da za su riƙa wannan aiki, aka ba uku lasisi. Sunayensu a yau su ne CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. Waɗannan kamfanoni ba sa ba da rance, ba sa kuma hana shi. Aikinsu karɓar bayani daga masu ba da bashi, da adana shi, da miƙa shi ga wanda doka ta yarda ya gani. A cikin wannan maƙala za a kira su ma'ajiyun tarihin bashi.

Matsalar farko da ma'ajiyun suka fuskanta ita ce gane mutum. Masu suna iri ɗaya suna da yawa, kuma mutum guda yana iya rubuta sunansa ta hanya uku a bankuna uku. Lambar BVN da aka ƙaddamar a 2014 ta rage wannan ruɗani ƙwarai. Lamba ce mai alƙaluma 11, tana haɗe da zanen yatsun mai ita da hotonsa, kuma ita ɗaya ce tak a duk asusun da ya buɗe. Daga nan sauya banki ya daina zama hanyar ɓuya. A 2017 kuma aka sa hannu a dokar da ta tsara aikin ma'ajiyun da haƙƙin mutanen da ake ajiye bayanansu.

Abin da Ake Rubutawa

Ranar da mutum ya karɓi rance, banki zai buɗe masa layi a ma'ajiya. A layin akwai sunan bankin, da ranar bayarwa, da adadin kuɗin, da tsawon wa'adi, da abin da za a riƙa biya. Daga nan, galibi wata-wata, banki zai aika da sabon bayani: nawa ya rage, nawa ne lokacin biyansa ya wuce, kuma kwana nawa ke nan da wucewarsa. Wannan adadi na ƙarshe, wato kwanakin makara, shi ne zuciyar tarihin baki ɗaya. Idan an biya a kan lokaci sai a rubuta sifili.

Ana kuma rubuta duk lokacin da wani mai ba da bashi ya nemi ganin rahoton mutum, haka nan idan mutum ya tsaya wa wani. Bankunan da ba sa hulɗa da kuɗin ruwa su ma suna cikin tsarin. Wanda irin wannan banki ya saya wa babur ya sayar masa a kan biyan wata-wata, kwanakin makararsa ana ƙirga su kamar na kowa. Haka ma da yawa daga kamfanonin da ke ba da ƙaramin rance ta wayar hannu suna aika bayanansu, saboda haka rancen naira 5,000 yana iya samun layinsa kamar na miliyan.

Daga wannan za a fahimci cewa tarihi mai kyau ba ya ginuwa a rana ɗaya. Jerin sifilai ne da ake tarawa, ɗaya a kowane wata. Wanda bai taɓa cin bashin da ake rubutawa ba, shafinsa fari ne: babu laifi a kansa, amma kuma babu shaida. Ajiyar kuɗi a asusu da zubin adashi na shekara goma ba sa cika wannan shafi, domin uwar adashi ba ta aika rahoto ko'ina. Shi ya sa banki yakan fara wa sabon mutum da kaɗan, ya ƙara masa gwargwadon yadda sifilansa suka yi yawa.

Misalin Rance Ɗaya, Hanyoyi Uku

A ƙaddara wani malamin makarantar sakandare ya karɓi rancen naira 240,000 a farkon Janairu domin gyaran rufin gidansa, zai biya cikin wata 12. Yarjejeniyar ita ce ranar 28 ga kowane wata zai biya naira 24,000, wato 20,000 daga uwar kuɗi da 4,000 na ruwa. Alƙaluman na misali ne kawai, an zaɓe su don lissafi ya yi sauƙi. A ƙaddara kuma bankin yana ɗaukar bayaninsa ranar ƙarshe ta kowane wata.

Malamin ya biya Janairu, da Fabrairu, da Maris, da Afrilu. Sifili huɗu ke nan. Sai albashi ya tsaya, Mayu da Yuni suka wuce bai biya ba. A ƙarshen Mayu an rubuta masa kwana 3, domin daga 28 zuwa 31 kwana uku ne. A ƙarshen Yuni an rubuta 33. A nan akwai ƙa'idar da ya wajaba a riƙe: ana ƙirga kwanakin ne daga biya mafi daɗewa da ba a yi ba, kuma a bisa al'adar bankuna duk kuɗin da ya shigo ana fara toshe ramin da ya fi tsufa da shi. A watan Yuli albashi ya dawo, hanya ta rabu uku a gaban malamin.

Hanya ta farko: ranar 28 ga Yuli ya tattara naira 72,000, ya biya Mayu da Yuni da Yuli gaba ɗaya, ya ci gaba da biya a kan lokaci. Jerin shekararsa zai kasance haka:

0, 0, 0, 0, 3, 33, 0, 0, 0, 0, 0, 0

Hanya ta biyu: ya koma biyan 24,000 a kowane wata kamar da, yana ganin ai ya dawo kan hanya. Amma kuɗin da ya biya a Yuli na Mayu ya toshe. Na Yuni yana nan a buɗe, kuma a ƙarshen Yuli ya kwana 33. Kuɗin Agusta ya toshe na Yuni, na Yuli ya zama mafi tsufa. Haka abin zai yi ta tafiya, kullum yana baya da wata biyu:

0, 0, 0, 0, 3, 33, 33, 34, 33, 33, 33, 33

A ƙarshen Disamba, lokacin da ya kamata rancen ya ƙare, ana bin sa naira 48,000. Mutumin nan wata biyu kacal ya tsallake, ya kuma biya sau shida a jere bayan haka, amma takardarsa ta nuna wata bakwai yana makare da fiye da kwana 30. Wannan tarko ne da ke kama masu kyakkyawar niyya, domin mai biya yana ƙirga sau nawa ya biya, banki kuwa yana ƙirga shekarun ramin da ya rage.

Hanya ta uku: ya ji kunya, ya daina ɗaga waya, bai sake biya ba. Jerin zai yi ta hawa:

0, 0, 0, 0, 3, 33, 64, 95, 125, 156, 186, 217

Iyakar Kwana Casa'in

A jeri na uku akwai iyakar da aka tsallake ranar 26 ga Agusta, ranar da biyan Mayu ya cika kwana 90. Bisa ƙa'idojin da Babban Banki ya gindaya wa bankunan kasuwanci a 2010, rancen da makararsa ta kai wannan matsayi ya fita daga sahun masu lafiya, ya shiga sahun bashin da ba ya aiki. Ƙa'idojin sun kasa wannan sahu gida uku. Daga kwana 90 zuwa 180 bashi ne mai rauni. Daga 180 zuwa 360 bashi ne da ake shakkar dawowarsa. Abin da ya wuce 360 kuwa ana lissafa shi a matsayin wanda ya salwanta.

Waɗannan sunaye suna da farashi a wurin banki. Kuɗin da banki yake rantawa na masu ajiya ne, saboda haka aka tilasta masa ya ware wani abu daga ribarsa domin cike gurbin bashin da ya lalace: aƙalla kashi 10 cikin ɗari a mataki na farko, kashi 50 a na biyu, kashi 100 a na uku. Uwar kuɗin da ta rage a kan malamin naira 160,000 ce. Ke nan a Agusta banki zai ware aƙalla 16,000, a ƙarshen Nuwamba aƙalla 80,000, a Mayun shekara mai zuwa kuma duka. Wannan ne ya sa idon ma'aikacin banki yake fara neman alƙalumin da ya haura 90 idan ya buɗe rahoto. Ƙananan bankuna na al'umma suna da nasu ma'auni, wanda ya fi wannan gajarta.

Ya kamata a lura cewa lissafa bashi a matsayin salwantacce ba yafe shi ba ne. Gyaran littafin banki ne kawai, ana nan ana bin mai shi. Tun daga 1 ga Agusta, 2020, akwai tsarin da ake kira GSI, wanda mai karɓar rance yake sa hannu a kansa. Tsarin ya ba banki damar, idan biya ya gagara, ya bi lambar BVN ya cire uwar kuɗi da ruwanta daga asusun mutumin da ke wasu bankuna.

Yadda Ake Mayar da Tarihi Maki

Bankin da ke karɓar dubban buƙatu ba zai iya zama ya karanta kowane jeri da ido ba, saboda haka ake taƙaita tarihin ya zama maki guda. Hanyar da ake bi irin ta masu binciken cututtuka ce. Masanin lafiya yakan duba bayanan dubban mutane, ya ga waɗanne alamomi ne suka fi bayyana a jikin waɗanda ciwo ya kama daga baya. Haka masu lissafi suke ɗaukar tsofaffin rahotanni masu yawa, su raba waɗanda suka biya lafiya da waɗanda suka gaza, su duba abin da ya bambanta su tun kafin gazawar. Alamar da ta fi yawan zuwa gabanin gazawa ita ake ba nauyi mafi girma.

Sanannen ma'auni a wannan fage shi ne FICO, wanda ya fito a Amurka a 1989, makinsa daga 300 zuwa 850. Kamfanin ya bayyana yadda yake raba nauyi a ma'auninsa na can: kashi 35 na yadda aka biya a baya, kashi 30 na yawan bashin da ke kan mutum, kashi 15 na tsawon tarihin, kashi 10 na sababbin basussuka da neman su, kashi 10 na ire-iren bashin. Makin da CRC take bayarwa a Nijeriya shi ma daga 300 zuwa 850 yake. Kowace ma'ajiya tana da nata lissafi, amma a ko'ina yadda aka biya a baya ne ke kan gaba.

Abu uku ake aunawa a makara: zurfinta, da yawanta, da kusancinta. Kwana 95 ya fi 33 muni. Sau bakwai ya fi sau ɗaya muni. Ta watan jiya ta fi ta shekara huɗu da suka wuce nauyi. Da wannan ma'auni, malamin hanya ta farko yana da makara ɗaya marar zurfi wadda sababbin sifilai za su yi ta rufewa. Na hanya ta biyu tasa ba ta da zurfi amma ta yawaita. Na uku ya haɗa zurfi da yawa.

Makin yana da iyaka. Hasashe ne na yiwuwa, kamar hasashen ruwan sama, bai san zuciyar kowa ba. Bai san cewa albashi ne ya tsaya ba, domin a jerin alƙaluma wanda aka hana haƙƙinsa da wanda ya yi sakaci kamarsu ɗaya.

Ranar Neman Rance na Gaba

Bayan shekara biyu malamin ya je wani banki dabam yana neman naira 600,000. Babban Banki ya umarci bankuna su duba rahoton aƙalla ma'ajiyu biyu kafin su ba da rance, don haka tsohon jerin zai bayyana. Amsar banki takan ɗauki ɗaya daga siffofi huɗu: a hana gaba ɗaya, ko a rage adadin, ko a ƙara ruwa, ko a nemi jingina da wanda zai tsaya. Mai bashin da ba ya aiki wanda har yanzu bai biya ba, galibi ƙofa a rufe take gare shi sai ya biya.

A gwada tsadar hanya ta biyu. Jagoran cajin bankuna na 2020 ya ƙayyade tarar makara da kada ta wuce kashi 1 cikin ɗari a wata na kuɗin da ba a biya ba. Kashi 1 na 48,000 naira 480 ne a wata, abin da malamin zai iya rainawa. To amma a ƙaddara sabon bankin yana ba mai tsaftataccen tarihi rance a kan kashi 24 a shekara, mai tabo kuma kashi 30. A kan 600,000, na farko zai biya ruwan 144,000, na biyu 180,000. Bambancin 36,000 ne, kashi uku cikin huɗu na kuɗin watanni biyun da ya jinkirta tun farko. Tarar da aka gani ƙarama ce, wadda ba a gani ba ita ce babba.

Biyan bashi daga baya yana sauya matsayinsa ya koma wanda aka kammala, amma ba ya goge watannin da aka riga aka rubuta. Rauni ya warke, tabo ya saura. Dokar 2017 ta ce ma'ajiya ta riƙe bayani aƙalla shekara shida, sannan ta adana shi a rumbu na ƙarin shekara goma. Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne nauyin tabo yana raguwa da tsufa, muddin an jera sifilai a bayansa.

Wanda ya tsaya wa malamin shi ma abin ya shafe shi. Tsayawa alkawari ne na biya idan mai bashi ya gaza, kuma banki yana da ikon juyowa kansa. Abokin aikin da ya sa hannu don kunya yana iya samun cikas a nasa neman saboda rancen da bai ci ko kwabo a ciki ba.

Gyara da Kuskure

Jerin ukun sun nuna inda gyara yake. Kafin kwana 30 gyaran yana da araha, kafin kwana 90 yana da sauran dama. Wanda ya hango ba zai iya biya ba, zuwa banki kafin ranar ya fi ɓuya, domin ana iya sake tsara rancen a tsawaita wa'adi, a rage biyan wata, sai a riƙa ƙirga kwanaki bisa sabon jadawali. Dole wannan ya kasance a rubuce, don alkawarin baka na ma'aikaci ba ya isa ma'ajiya. Wanda kuma ya riga ya tsallake wata, tambayar da zai yi ita ce nawa zai biya yau kwanakin makararsa su koma sifili.

Ma'ajiya ma tana iya ɗaukar kuskure. Akan sami rancen da aka gama biya amma banki bai aika da labarin rufewa ba, ko 'yan kuɗin caji da suka rage a asusu suka yi ta tara kwanaki ba da sanin mai shi ba, ko rancen da wani ya ci da bayanan wani. Dokar 2017 ta ba kowa haƙƙin karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, da haƙƙin ƙalubalantar abin da ba daidai ba. Mai dubawa zai tabbatar ya san kowane rance da ke ciki, kuma wanda ya gama biya an rubuta saura sifili. Idan ya ga saɓani sai ya rubuta wa bankin da ma'ajiyar, ya haɗa da rasit da takardar shaidar kammala biya. Saboda haka karɓar wannan takarda ranar biyan ƙarshe wani ɓangare ne na biyan.

Kammalawa

Tarihin bashi jerin kwanakin makara ne da ake rubutawa wata-wata a ƙarƙashin lambar mutum. Sifilai ne ke gina shi, kuma ana ƙirga makara daga ramin da ya fi tsufa, shi ya sa komawa biya ba tare da cike baya ba yake barin mutum cikin makara. Malaman misalin nan uku matsala ɗaya ta same su a Mayu, abin da kowannensu ya yi a Yuli ne ya raba makomarsu.

Tambayoyi Don Aji

1. A hanya ta biyu, idan malamin ya riƙa biyan naira 36,000 a wata daga 28 ga Yuli, a ƙarshen wane wata ne za a sake rubuta masa sifili?

2. Wani rance ana biyansa ranar 10 ga wata. An tsallake biyan Maris, ba a sake biya ba. A wace rana zai cika kwana 90?

3. Me ya sa wanda bai taɓa cin bashi ba yake iya samun ƙaramin rance fiye da wanda ya ci sau uku ya biya a kan lokaci?